Yatsan Baba a Gefen Shafi

Ranar Talata ce, bayan la'asar, a tsakar gidanmu na unguwar Nima. Akwai ni, da ƙanwata, da Baffa ƙanen mahaifinmu, sai Mma da ke zaune a ƙofar ɗakinta tana takaba. Ranar Lahadi za a yi addu'ar arba'in ɗin Baba, kuma dangi sun tsayar cewa za a raba wa mutane ɗan littafinsa na waƙoƙin wa'azi, wanda ya buga da ajami tun ba a haife ni ba.

Littafin kansa babu shi. Kwafi ɗaya ya rage mana, shi ma ruwa ya shiga ɗaki a makon rasuwar ya mayar da shi kamar kunu. Abin da ya saura hotunan shafukansa ne a wayar ƙanwata. Ta ɗauke su lokacin jinyar Baba, yana riƙe mata littafin a cinyarsa. Da safe ta tura wa mai buga takardu a unguwar Kokomlemle ta WhatsApp, ya ce ba zai taɓa su ba: sun karkace, akwai inuwa, kuma turawar ta rage musu kyau. Yana son fayil ɗaya na PDF, tsaf, kafin Alhamis, in ba haka ba mu nemi wani.

Na karɓi wayar na zauna a benci. Tun rasuwar ban ji wani abu sosai ba, aikin kuwa ya dace da hakan. Na shigar da hotunan na asali cikin wata manhajar sikanin, mai gyara hoton takarda. A kowane shafi sai in ja ɗigo huɗu zuwa kusurwoyin takardar, manhajar ta miƙar da shi, zanen gado da gwiwar Baba su fita. Waɗanda suka kwanta a gefe na juya su. Na gwada baƙi da fari, na ga wasulla suna ɓacewa, ajami kuma ba ya karantuwa babu su, don haka na koma launin toka na ƙara haske kaɗan. Layukan da ke kusa da ɗinkin littafin sun ɗan lanƙwasa, na bar su haka. Na jera shafukan bisa lambobinsu, na rubuta wa mai bugawa cewa daga dama ake buɗe littafin, kada ya ɗinke shi ta hagu.

A kusan kowane hoto babban yatsan Baba yana gefen takardar, yana danne ta. Inda ya tsaya a farin gefe, na yanke shi ko na goge. Ina cikin yi ban lura Mma ta taso ba, sai da na ji numfashinta a kafaɗata.

Baba bai taɓa yarda a rataye hotonsa ba, bai kuma tsaya wa mai kyamara ba ko a ranar aurena. Na katin shaidarsa ma ruwan ya tafi da shi. Mma ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce in buɗe mata wurin farcen. Akwai tsagar nan da ya samu tun yana aikin kafinta.

"Kar ka goge wannan," in ji ta.

Baffa ya ce littafin wa'azi ne, kuma mai shi ya ƙi hoto yana raye, ba za a saka masa yanzu da ba ya iya hanawa ba. Ƙanwata ta ce yatsa ai ba fuska ba ce. Ya ce ita ta fara zama malama ke nan, limanci kawai ya rage mata. Babu wanda ya yi dariya. Mma ta dai ci gaba da tsayuwa.

Na ce wa Baffa ya duba shafin da kyau. A nan yatsan ya hau kan rubutu, ya rufe rabin kalmar ƙarshe ta baiti. In na goge shi, kalmar za ta tafi tare da shi, a bar farin rami. Ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya karanta baitin a hankali har ya kai wurin farcen. Ya miƙo mini wayar.

"To bar wannan ɗin. Sauran ka share."

Na share sauran. Na adana fayil ɗin, na buɗe shi na bi shafi bayan shafi, sannan na tura a matsayin takarda, ba hoto ba, don kada ya sake lalacewa. Mma ta koma tabarmarta.

Mai bugawa ya kira washegari yana tambaya ko ya cire mana yatsan da muka manta. Na ce ya bar shi. Ranar Lahadi aka raba littafin bayan addu'a, kwafi ɗaya Mma ta ɗauka.