Shekarar Amaryarmu Ba Ta Jiran Kowa

Ƙanena ya je karatun likita Iran, ya dawo mana Ƙanƙara da takarda da kuma mata. Yarinya mai kunya, Hausarta tana ɗingishi, amma ba ta raina tuwo. Ni ce babbar yayarsa, don haka ni aka bar wa ita duk ranar da ya tafi aiki Faskari.

Da zafi ya fara shigowa sai na ga ta jiƙa alkama a faranti har ta tsiro kore shar. Na ce, "Amarya, noman rani kike a ɗaka?"

Ta ce sabuwar shekararsu ce ke tafe. Za ta shimfiɗa ledar cin abinci, ta jera tsiron da tafarnuwa da tuffa da madubi, iyali su zauna a kewaye. A garinsu, wai, yadda shekara ta same ka haka za ta tafi da kai, shi ya sa ba a so ta sami mutum shi kaɗai. Maigidan ba ya nan. Ta ce, "Yaya, ki zo da hantsi."

Ni kuwa na ɗauka kamar gaisuwar sallah ce, duk sa'ar da ka je ka je. Na tsaya na gama wanki, na yi azahar, sannan na saɓa mayafi. Na tarar da ita ido ya yi ja.

"Shekarar ta shiga tun ɗazu, Yaya."

"Wa ya ga watan?"

Ta yi dariya da hawayenta. Su ba wata suke dubawa ba. Rana ce, a tafiyarta daga kudu zuwa arewa, take tsallake tsakiyar duniya, lokacin da dare da yini suke daidaita. Masana sun lissafa wannan har daƙiƙa, kuma lokaci guda ne ga duniya duka. Sa'ar da uwarta ta rungumi 'yan'uwanta a can, ita tana nan ita da madubi.

Da shekara ta kewayo, tun safe na ɗaure akuyata, na isa kafin hantsi ina haki.

"Yaya, bana sai bayan la'asar."

Ashe shekarar rana tana da ragowar wajen sa'a shida, lokacin sai ya riƙa gusawa. Na ce, "To, ƙafata ba za ta fita gidan nan ba, kada ta sake shigowa ta bayan gida."

Muka wuni muna ɓarar gyaɗa, na ba ta labarin duk ƙiriniyar mijinta. Bayan la'asar ta jingina waya da madubi, ga uwarta da danginta a cikin wayar suna ƙirga daƙiƙoƙin da suka rage da yarensu. Suka ɗauki sowa daidai na cika baki da tuffa.

Ta rungume ni, ta dubi kumatuna. "Yaya, ke dai bana ba ruwanki da yunwa."