Wanda Yelwa Ta Ce a Kira

A Azare, duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a wajen Inna Yelwa zai shaida cewa bakinta ba ya gajiya. Ta san sunan kowa, ta san na uwarsa, in ka yi wasa har na kakarka za ta kawo maka tana auna maka mai. Sunaye biyu ne kawai ba su taɓa fita daga bakin nan ba: na mijinta Malam Abdulrahim, da na ɗanta na fari, Babayo. Dukansu biyun "shi" ne.

'Yar Udubo ce, cikin Fulani ta tashi, inda mace ba ta kama sunan miji, ba ta kuma nuna ta san ɗan farinta. Ana yaye Babayo kakarsa ta ɗauke shi. Da ya dawo Azare da wayonsa, Adda yake kiranta kamar wata yayarsa. In ya gaishe ta, ta amsa tana kallon tukunya. In ta zuba masa tuwo, sai ta ce wa ƙanwarsa Bara'atu, "Miƙa masa." Ranar da ya faɗi da babur ya karya ƙafa, maƙwabta suka cika gidan da salati, ita kuwa ta ci gaba da matsar tunkuza, hawayenta na zuba cikin turmi. Mata suka yi ta yabon kunyarta. Yabon nan shi ya cuce ta, don tun daga ranar yaron ya sa a ransa cewa bai dame ta ba.

A gida ba a cika rikicewa ba. In ta ce "ya dawo?" da magariba, Malam ne. In ta ce "ya ci?" tana hararar ƙofar zaure, Babayo ne. Ido da lokaci su ke faɗin sunan.

A gadon asibiti kuwa babu zauren da za a harara. Likita ya ce ƙari ne a cikinta, za a yi tiyata, kuma Yelwa ta ji a jikinta cewa da wuya ta tashi. Abu ɗaya take so: ta kalli ɗan nan ido cikin ido, ta sa masa albarka da bakinta, ya san ba ƙi ba ne.

Ta ce wa Bara'atu, mai jinyarta, "Ki kira min shi."

"Inna, wa?"

"Shi mana. Sai na yi miki waƙa?"

Bara'atu ta yi nata lissafin. Mace za ta shiga tiyata, wa za ta nema in ba mijinta ba? Malam yana Misau wajen sarin albasa, wayarsa ba ta shiga. Sai ta fita baranda ta kira Babayo.

"Yaya, Inna ta ce a kira shi, ga wayar Baba a kashe."

"Bari in je in ɗauko shi," in ji Babayo. Ko a mafarki bai kawo kansa ba.

Bara'atu ta dawo ta ce, "Yana hanya."

Yelwa ta ji sanyi har cikin ƙashinta. Ta sa aka tayar da ita zaune, ta gyara ɗankwali, ta goge fuska. Tana ta juya abin da za ta faɗa, tana gwada sunan a kan harshe ba sauti, kamar mai ɗanɗana miya da zafi. Duk takun da ta ji a baranda sai ta kai ido ga labulen ƙofa.

Da la'asar labule ya ɗaga, Malam ya shigo da ƙurar hanya a gemu.

"Sannu, Yelwa. An ce kina nemana."

Ta leƙa bayansa. "Kai kaɗai ne?"

"Yaron ya sauke ni a bakin asibiti. Ya ce tunda ni kika nema, ba zai tsaya mana a kai ba, in an fito da ke zai zo gaisuwa."

Babayo bai yi nisa ba, waya ɗaya za ta juyo da shi. Amma ga miji a zaune, ga 'ya a tsaye, ga matan sauran gadaje sun kasa kunne. Mace da furfurarta ta buɗe baki a gabansu ta ce ɗan farinta take so? Yelwa ta buɗe bakin kuwa. Abin da ya fito shi ne, "To. Ya kyauta."

Ba ta farka daga tiyatar ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, har yau Babayo yana ba da labarin nan a tashar 'yan babur, da ɗan alfaharinsa. Yakan ce shi dai bai taɓa samun wata fuska a wajen Adda ba, amma ya gode wa Allah da ya sa buƙatarta ta ƙarshe a hannunsa ta biya: ta nemi mijinta, shi kuma ya je har Misau ya kawo mata shi.