Shekara Ukun Malam Abdulwahabu

Duk wanda ya taɓa yin faci a bakin tashar Anka ya san Magaji mai gyaran keke. Siriri ne, ba ya son surutu, kuma ko tayarka ta zama faci a kan faci ba zai ce ka sayi sabuwa ba. Sunansa na yanka Umaru, amma garin kaf Magajin Adama ake ce masa, wato da sunan uwarsa. Mutanenmu kuwa ba sa jingina namiji ga uwarsa haka kawai.

Ubansa, Malam Abdulwahabu, shi ne jagoran ’yan Sawaba na wannan yanki a zamanin En’e. Mutum ne mai taurin kai, wanda ya rantse ba zai ƙara tuɓe takalmi ko ya faɗi gaisuwa a gaban ɗan Adam ba. Ana gab da zaɓen da ya kawo mulkin kai, da kaka, aka kama shi kan ya yi lacca ba izini har rikici ya tashi. Aka kai shi Sakkwato, aka yanke masa shekara uku. Wannan kowa ya riƙe. Abu na biyu da kowa ya riƙe shi ne, a shekara ta ukun, ana yankan gero, matarsa Adama ta haihu, alhali Malam bai dawo gari ba sai da aka kai dawa rumbu. Da ya dawo ya ɗauki jaririn ya ce ga magajinsa. Mutane suka ce kai, Malam akwai rufin asiri. Bai daɗe ba ya rasu, maganar kuwa ba ta rasu ba.

Haka Magaji ya tashi da ita. Bai taɓa tambayar Innarsa ba, don da wane baki ɗa zai yi wa uwa wannan tambaya? Ita kuma, shi ɗan fari ne a wurinta, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zaunar da shi ta ba shi labarin yadda aka same shi. Har ta koma ga Allah kunya ce a tsakaninsu. Ya yi zaton an binne zancen tare da ita.

Ashe jira yake. Shekara guda bayan ƙaddamar da Shari’a, wani malamin firamare ɗan Gummi mai suna Auwal ya ga Muhsina, ’yar Magaji ta fari, suka daidaita. An kawo gaisuwa, ana batun sa rana, sai baffan yaron, Alhaji Sanusi, ya zo Anka binciken asali kamar yadda aka saba. Mutanen kirki suka ba shi ruwa, marasa aikin yi suka ba shi labari. Da la’asar ya tsaya a rumfar Magaji, ko zama bai yi ba.

“Ba mu ƙi ɗiyarka ba,” in ji shi. “Amma an ce an haihe ka mahaihinka na ɗaure shekara ukku. In akwai wata magana, a kawo muna ita kahin azumi. In babu, kowa shi riƙe nashi.”

Magaji ya san malamai za su ce ɗa na mai shimfiɗa ne, ya kuma san ba fatawa Alhaji Sanusi yake nema ba. Da ya shiga gida ya tarar labari ya riga shi. Muhsina ba ta yi kuka a gabansa ba, sai dai ta daina cin abinci, ta daina fita ko ɗiban ruwa. Abin da ya haɗiye shekara kusan arba’in, ga shi ya sauka a kan yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Washegari ya rufe rumfa, abin da ko ranar Salla bai cika yi ba.

Abu uku yake nema: yaushe aka ɗaure Malam, a ina, kuma yaushe aka sake shi. Ya fara da tsofaffin ’yan Sawaba da suka rage. Suka yi ta ba shi labarin jarumtaka, kowa ya fi kowa shan bulala, amma da an zo kan lokaci sai su ce shekara uku mana, ai a kunnensu aka yanke. Wani akawun kotu ya yi masa bayani cewa ko an samo littafin shari’a, ranar yanke hukunci kawai zai nuna, ranar fita kuwa sai a gidan yari. Ya sayar da tunkiyar da yake kiwo don bikin, ya hau mota zuwa Sakkwato. A can aka gaya masa wancan gidan yarin na En’e ne, tun lokacin yaƙin basasa gwamnatin tarayya ta karɓi gidajen yari, tsofaffin takardu kuwa sai dai ya gwada ma’ajiyar tarihi a Kaduna, kuma ba tabbas. Mutumin da bai iya karatun boko ba, me zai je ya tona a Kaduna? Ya zauna a gindin katanga ya rasa inda zai sa kansa. Abin da ya fi cin ransa shi ne, shi kansa bai san abin da zai tarar ba. Wataƙila garin ne ke da gaskiya.

Wani ma’aikaci da ya ji tausayinsa ne ya ce akwai tsohon gandiroba na zamanin En’e da ya yi ritaya ya koma Gummi, ana ce masa Baba Surajo. Ka ji ikon Allah, garin surukan da ke gudunsa.

Watan Sha’aban ya riga ya kama lokacin da ya same shi a zaure, ido ya tafi amma kai garau. Da jin sunan Abdulwahabu tsohon ya yi dariya, ya ce ai ba a manta fursunan da ya ƙi durƙusa wa yari, shugaban gidan. Ya ce da shi aka yi bikin mulkin kai a ciki, har an ba su nama ranar, kakar da ta biyo baya kuma aka sallame shi. Magaji ya ƙirga da yatsu, ya ce ai shekara biyu ke nan, Baba, uku aka yanke masa.

“Ku mutanen waje kullum nan kuka ɓata,” in ji Baba Surajo. “Shekarar gidan yari wata takwas ta. Wanda bai yi laihi ciki ba, ana yahe mai kashi guda cikin ukku. Taurin kai gare shi, amma bai taɓa faɗa ba, bai taɓa ƙin aiki ba. Shekara biyu yay yi.”

Magaji ya sake tambaya. To ina Malam ya shiga shekara guda cur? Tsohon ya ce abin da ya sani, ana gobe sallama aka aiko wa Malam daga gida cewa in ya tako garin kafin ukun nan ta cika, wata ƙarar na jiransa. Shi ya sa da aka tambaye shi inda za a sa shi a mota, ya ce hanyar Bukkuyum.

A Bukkuyum ba wanda ya san wani Abdulwahabu. Magaji ya bi masallatai, ya bi rumfunan kasuwa, ƙafarsa ta kumbura, guzurinsa ya ƙare har ya koma yi wa mutane faci a bakin hanya don ya ci. Ana ta zancen azumi saura kwanaki. Da ya ga suna ba zai yi ba, sai ya koma tambayar hali: ko an taɓa yin wani baƙo da ba ya faɗuwa gaisuwa? Nan take wani tsohon mahauci ya ce af, Malam Manu mai tufkar igiya, wanda ya gai da mai gari a tsaye kamar sanda. Ya ce a Gwashi ya zauna, gidan wani mai unguwa da ya daɗe da rasuwa, amma matarsa Hure tana nan.

Ya isa Gwashi a bayan babur, ya tarar da tsohuwa tana ɓarar gyaɗa. Ya yi gaisuwa, ya fara kame-kame, ta ɗago ta dube shi ta ce ya juya gefe. Ya juya. Ta ce wannan ƙeyar ta Malam Manu ce, shi ɗan Adama ne ko?

Ta ba shi labari tana ɓara. Malam ya zo musu da kaka, shekara guda bayan mulkin kai, mijinta ya ɓoye shi da wani suna, don in aka ji mai unguwa ya sauki ɗan Sawaba, rawaninsa ya tafi. Da sanyi ya shigo sai ga Adama a ƙasa, ta ce wa mutanen Anka za ta taya gwaggonta sussuka. A ɗakin can na kusa da rumbu suka zauna, a nan suka yi azumi, bayan ƙaramar Salla ta koma da ciki, ko ƙanshin daddawa ba ta so. Malam ya roƙi Adama kada ta faɗi inda yake, don kada a cuci masu masaukinsa, ita kuwa ta riƙe.

“An zage ta, mun ji,” in ji Hure. “Na yi ta jiran wani shi zo shi tambaye ni. Kai ne na farko.”

Magaji ya tashi ya leƙa ɗakin. Buhunan dawa ne a ciki da wata kaza a kan ƙwai. Ya daɗe a tsaye, yana jin kunyar Innarsa irin wadda bai taɓa ji ba tana da rai.

Bai yarda ya kai labari da bakinsa ba, don mai neman wanke kansa ba ya zama shaida. Ya roƙi Hure, ta ce ko a kan jaki ne za ta je. A zauren Baba Surajo aka zauna, aka kira Alhaji Sanusi. Tsofaffin biyu ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya faɗi nasa, kakar sallamar da gandiroba ya faɗa ta zo daidai da kakar saukar baƙo a gidan Hure, lissafin zaman Adama a Gwashi ya zo daidai da haihuwar da ta yi ana yankan geron Anka. Alhaji Sanusi ya ƙirga watannin a yatsunsa, ya sake ƙirgawa, sannan ya sunkuyar da kai ya nemi gafara. Ya ce a sa rana bayan Salla.

Ranar ɗaurin aure ƙofar gidan ta cika, har da waɗanda suka ba da labarin farko, sun zo cin goro ba kunya. Liman ya nemi waliyyin amarya, sanƙira ya ɗaga murya ya ce ana kiran Magaji Abdulwahabu. Magaji yana zaune a gefen tabarma yana kallon ƙasa. Sanƙira ya sake kira. Sai da na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa ya ce, “Kai aka kira,” sannan ya miƙe.