Motar da ta wuce mararrabar Gwandu

Lokacin Sakkwato ce hedikwatarmu, wani mai motoci a tashar Kontagora ya shirya tafiyar ziyara. Ɗan kamashonsa ya bi unguwanni yana shela: za a kwana Gwandu, a ziyarci Hubbare a Sakkwato, a ƙarasa Wurno, kuɗin mota da masauki duk a haɗe. Inna ta sayar da tunkiyarta ta biya mana kujera biyu. Ita ba Hubbare ne ya fi damunta ba. Yayanta, wanda su biyu suka rage a ɗakinsu, yana kwance a Gwandu, ƙafafu sun kumbura. Ta aika masa sallahu ta bakin wani mai fataucin goro cewa ranar Laraba tana tafe.

Da muka wuce Jega, direba ya ce rana ta yi, Gwandu sai a dawowa. A Sakkwato aka ce Wurno ta yi nisa. A dawowa kuma ya tsaya Aliero ya labta buhunan albasa har bisa ƙafafunmu, ya ce da wannan lodi ba zai shiga hanyar burji ba. Inna ta riƙa dukan jikin mota da tafin hannu tana cewa, “Ɗan nan, ka sauke ni ko a bakin hanya ne!” Ni na riƙe ta, don ba mu da ko sule na wata motar. Har yau in na ji warin albasa raina ɓaci yake.

Ni tela ne, amma na taɓa boko. Na zauna kan keken ɗinki na rubuta wa mai mota takarda. Na ce wuri uku aka yi mana alkawari, ɗaya muka gani. Ba duka kuɗin muke nema ba, tunda an kai mu an dawo da mu, amma a mayar mana da rabon Gwandu da Wurno, kuma da gaggawa, don da shi za mu yi kuɗin mota zuwa wurin marar lafiya. Sau biyu ina yage ta saboda zagi yana shigowa.

Mai mota ya karanta, ya tura ni wurin sarkin tasha, wanda shi ke raba irin wannan gardama. Dattijon ya saurare ni, ya ce, “Malam tela, direba ya ce an je ko'ina. Mota cike ta tafi. Kawo mini ko mutum uku su sa hannu a takardar nan, ni zan karɓo maka.”

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ashe abokan tafiyarmu sun riga sun karɓi barka da dawowa. Sun raba tsaraba, sun gaya wa masu sallahun addu'a cewa an isar a kowane wuri. Wani mai sayar da gishiri, wanda muka sha ƙaiƙayin buhu tare, ya ja ni gefe ya ce, “Rufa mini asiri. Surukina ya ba ni sadaka in kai Wurno, na ce masa na kai.” Wata tsohuwa har kwatanta mini garin Gwandu ta yi, ita da ta yi barci tun daga Jega. Na bi gida gida kamar mai tallar goro, babu wanda ya dangwala yatsa. Na roƙi bashi, ga shi damina ta kama, kowa kuɗinsa na gona. Na kai keken jingina, aka ce ba a so. Inna kuwa ta daina cin abinci, ƙullin daddawar da ta yi wa yayanta yana nan a gefen gadonta.

Ran nan da safe ta yafa mayafi ta ce in kai ta tasha. A gaban direbobi da 'yan kamasho ta durƙusa wa sarkin tasha, tsohuwar da ta isa ta haife shi.

“Ranka ya daɗe, ni ban iya takarda ba. Ban je Gwandu ba, kuma ba zan ce na je ba. Ɗan'uwana na jirana.”

Kunya ta kama shi. Ya sa aka kira mai mota, suka yi ƙus-ƙus. Aka ba mu rabon Gwandu kaɗai, da sharaɗin mu bar takardar a wurinsu kuma kada mu tayar da maganar a gari. Na so in yi faɗa kan Wurno, Inna ta ja mini riga.

Washegari muka hau motar Jega, daga can muka sami ta shiga Gwandu. Tun daga bakin lungu na hango tabarmi a ƙofar gidan yayan Inna. Sadakar uku muka tarar.

Matar marigayin ta rungume Inna, ta ce ranar Larabar da aka ce Inna na tafe ya sa an fito da shi zaure tun hantsi, ya ƙi komawa ciki har magariba. Duk ƙarar motar da ya ji sai ya ce a duba.

“Bai yi fushi ba?” in ji Inna.

“A'a. Cewa ya yi, ƙanwata ba ta saɓa alkawari, sai dai in wani abu ya same ta. Ke ya yi ta yi wa addu'a.”

Inna ta miƙa mata ƙullin daddawar, ta ce a sa a miyar masu gaisuwa.