Wa Zai Ce wa Malam Ya Yi Kuskure?

Shekara goma sha bakwai na yi ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Mabera, bakwai daga ciki ina shugabanta. Da mai makarantar ya rasu, magada suka yanke shawarar sayar da ginin a ƙarshen zango. Ina da shekara arba'in da shida, da 'ya'ya biyar, da furfurar da ta riga ni tsufa. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba kuwa ita ce na gaji da aji tun kafin wannan. Shi ya sa na yi wata shida ina wani kwas na kula da sito da jigilar kaya a ƙarshen mako, ina ɓoyewa kamar mai abin kunya.

Sai wata ƙungiyar lafiya ta buɗe siton magunguna a garinmu, ta ba wani kamfanin ɗaukar ma'aikata aikin tace masu nema. Gurbi biyu aka tallata: manajan sito da mataimakin mai kula da sito. Ni da na saba a miƙe in na shigo, ai ban ko kalli na biyun ba. Bayan mako biyu saƙo ya zo cikin ladabi cewa ana neman wanda ya yi shekara biyar a wannan fanni. Ni kuwa ko kwana biyar ban yi ba.

Matata ce ta ce in nemi matar da ta sa hannu a saƙon in gaya mata zan karɓi ƙaramin. Na ce in an ji a gidanmu na Ƙofar Dundaye fa, inda kowa in ba alƙali ba ne to darakta ne? Ta ce, "Su 'yan Ƙofar Dundaye su ka cika muna buhun gero?" Sai na yi fushi, wanda shi ne amsar mai gida in ya rasa ta cewa. Kwana uku bayan haka na buga waya, aka ba ni lokaci.

A wani ɗan ofis da suka kama haya a Gidan Igwai na same ta, 'yar Kaduna ce, Hajiya mai magana a tsaye ba kwana-kwana. Bayan gaisuwa na ce mata ko mene ne aka samu zan yi.

"Malam, ba mu da gurbi mai suna ko mene ne," in ji ta. "In na rubuta haka, za a ce matsuwa ce ta kawo ka, kuma ranar da wata makaranta ta kira ka za ka tafi. Wane aiki kake nema, kuma don me?"

Na ji zafin maganar, amma na gyara zama. Na ce mataimakin mai kula da sito nake nema, don fannin nake son shiga kuma na san ta ƙofar ƙasa ake shigarsa. Ta faɗi albashin, ta ce matakin a ƙayyade yake, shekaruna na makaranta ba za su ɗaga shi ba. Ya gaza abin da nake karɓa sosai. Na ce na yi shawara da iyalina, mun amince. Ta jawo takardar tarihin aikina mai shafi huɗu, ta ce in mayar da ita biyu, in rage tarukan da na shugabanta, in fito da abin da ya shafi aikin: yadda nake karɓar littattafai da takardun jarrabawa, in adana, in raba, da kwas ɗin da na cusa a can ƙarshe.

Na ɗauka mun gama. Sai ta ajiye biro.

"Wadda za ka yi aiki a ƙarƙashinta shekararta ashirin da bakwai, 'yar garin nan ce. Ba na tsoron ka ƙi bin umarninta. Tsorona ita. Na taɓa kai dattijo irin wannan gurbi, mai kula da shi ya kasa buɗa baki ya ce masa ya yi kuskure, sai ya riƙa bin bayansa yana gyarawa a ɓoye. Aikin mutum biyu ya koma kan ɗaya. A sito na magani kuma kuskuren da aka yi wa kara yana iya kaiwa ga mara lafiya."

Wannan ban shirya masa ba, kuma na san gaskiya ta faɗa, don ni ma haka aka rene ni. Sai mahaifina ya faɗo mini a rai. Yana da shekara sittin ya riƙa ɗaukar littafi yana zuwa zauren wani ɗalibinsa da ya fi shi sanin rabon gado, ya zauna a tabarma cikin sahu. In ɗalibin ya ji nauyin gyara masa, sai ya rufe littafin ya ce, "In ba ka gyara min, mi ya kawo ni?" Na ba ta wannan labari, na ce ni ɗan wannan mutumin ne, kuma ni zan riƙa kai aikina a duba tun ba a nema ba.

Ta ce ita ba ta ba da aiki, suna kawai take miƙawa, amma za ta miƙa nawa da wannan bayani. Ƙungiyar ta yi mini tambayoyi, aka ɗauke ni kwantiragin shekara ɗaya, wata ukun farko na gwaji. Na yi murna, na kuma ji wani ɗan alfahari da amsar da na bayar, kamar na riga na cika ta.

Shugabata yarinya ce mai natsuwa, Baba take ce mini. Makon farko in za ta sa ni aiki sai ta ce, "Baba, da za a samu a jera kwalayen ga." Nakan yi dariya in ce ta ba ni umarni kai tsaye. Faɗin haka ba wuya, tunda ba a kama ni da komai ba tukuna.

A mako na uku aka kawo maganin zazzaɓi na yara, kwali sittin. Na jera sababbin a baya, tsofaffin a gaba, yadda na saba yi da littattafai. Na karanta a kwas cewa magani ranar lalacewarsa ake bi, wanda zai riga lalacewa shi ke fita da fari ko yaushe ya iso, amma hannu ya bi abin da ya saba. Ashe sababbin sun fi kusa da lalacewa. Ta zo ta duba kwalayen, ta daɗe tsaye, direba da masu dako biyu suna bakin ƙofa. Na ga ta kai hannu za ta ɗaga kwali da kanta, sai ta fasa.

"Baba, wanga jeri ba daidai ba na. A sauke shi duka a sake, kahin mota ta tashi."

Wallahi raina ya ɓaci. Na ji bakina na shirin cewa na koyar da waɗanda suka girme ta. A nan na gane cewa abin da na gaya wa Hajiya a Gidan Igwai labarin mahaifina ne, ba nawa ba. Ni ban taɓa zama a wannan tabarmar ba sai ranar. Na dube ta da kyau. Ta fi ni jin tsoro, kuma duk da haka ta faɗa.

Na tuɓe hula na ɗora a kan tebur, na ce, "To, ranki ya daɗe. Nuna min inda kwanan watan yake, in gani da idona." Ta nuna, na fara saukewa daga na sama.