Ranar da Na Sha Gahawar Malam

Na fi shekara ashirin ina dafa wa Malam gahawa ban taɓa kai ta bakina ba. Ni mutuniyar koko ce, abu mai ɗaci ba ya shiga cikina. Malam, wato maigidana, malamin asibiti ne, ya yi aiki a Shinkafi ya yi a Zurmi har ya aje. Wajen aikin hajji ya koyo shan gahawa, ya dawo ya ɗora mini. Ɗanyun 'ya'yanta wani direba ke kawo mana daga Ƙaura, ni ke soyawa a kasko ina juyawa har su fara ƙara kamar ana karya tsinke, in juye a faifai in hure ɓawon, in bar su su kwana biyu a gwangwani kafin a taɓa.

Ɗiyarmu da ke aure a birni ta taɓa aiko mana da butar lantarki da ɗan injin niƙa mai igiya. Allah ya yi mata albarka, amma ina wutar? A unguwarmu ta bakin garin Zurmi sai a yi sati ba a ga ƙyallinta ba. Suna nan bisa kanta cikin kwalinsu. Abin aikina shi ne kurfoti da butar ƙarfe da injin hannu na katako, mai marfi sama da 'yar aljihu ƙasa inda garin ke zuba. Sai gawayi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, nake ɗora buta, kuma a tsakar gida, don Malam na da tarin asma. Ruwan rijiyarmu zartsi ne, yana kashe ƙamshi, na burtsatse nake sawa. Da kunne nake aikin. Buta na fara tsaki, ta koma gunaguni, ta yi ɗan shiru, sannan ta tafasa. In sauke, in bari ta ɗan huce, in zuba gari, in juya sau ɗaya in rufe. In aka zuba kan wuta tana tafarfasa, ɗaci kawai za a sha.

Ranar da nake ba ku labari, bayan la'asar ne, wuta ta kwana tara ba ta zo ba. Na hura gawayi, na ɗora buta, na aje ɗan kofinsa bisa tabarma. Sai na ji babura. Kunnena ya san kukan kowane babur na unguwarmu, waɗannan ba namu ba ne, kuma sun yi yawa. Kafin in miƙe aka fara harbi ta wajen makaranta.

Duk garin an san 'yan bindigan daji na neman malaman asibiti, su tafi da su su riƙa yi wa masu rauninsu magani. Wanda suka ɗauka a wani ƙauye kusa da Dauran bai dawo ba. Mai asma kuwa ko kwana uku ba zai yi a daji ba.

Ba inda za a gudu, harbin ya riga ya zo bayan katanga. Na ja Malam zuwa ɗan ɗakin da muke tara buhunan gawayi, na tura shi bayan buhuna.

Ya ce, "Hajiya, ƙurar nan za ta tayar mini da tari."

Na ce, "Toshe da rawani. Ka rantse mini, ko mi ka ji ba ka fitowa."

"Ke dai..."

"Rantse!"

Ya rantse. Na ja buhu na rufe shi, na dawo na zauna gaban kurfoti, na ɗauki injin don a iske ni ina aiki.

Da ƙafa suka ɓalle ƙyauren. Su biyu ne. Babban dogo ne, ya naɗe fuska, idanu jajur. Ɗayan gajere, ya wuce ɗaka ya fara kifar da gado da akwatuna.

Dogon ya ce, "Tsohuwa, ina likita?"

Na ce, "Ya tafi Ƙaura tun safe, ɗana."

"Wa ye ɗanki?" Ya ɗauke ni da mari, sai da ɗankwalina ya faɗi cikin toka. "Ina shi ke?"

"Ƙaura."

A daidai nan kunnena ya tsinto abin da nake tsoro. Wani ɗan kukan ƙirji daga ɗakin gawayi, siriri, wanda ke zuwa kafin tari ya ɓalle. Ni kaɗai na san shi. Na danna injin tsakanin cinyoyina na fara murɗawa da ƙarfi. Wanda bai taɓa jin injin hannu na cin soyayyar gahawa ba, ƙara gare shi kamar ana taka tsakuwa da takalmin ƙarfe. Tarin ya fito a toshe cikin rawani, ƙarar ta haɗiye shi.

"Mi kike niƙa?"

"Gahawa."

Ya tsuguna, ya ɗauki ƙwaya ɗaya daga gwangwani ya tauna, ya tofar. Ya dubi kofin da ke bisa tabarma, ya dube ni.

"Wannan ai abin malamai ne. Tun da nike ban ga mace na shan wanga abu ba. Likita na Ƙaura, ke kuma kina dafa mai gahawa?"

Nan na ga kuskurena. Na ɓoye mutum, na bar kofinsa a fili.

Na ce, "Ni ke sha. Shi ya koya mini."

"To dafa. In gani."

Ya zauna bisa turmi, bakin bindigar na kallon cikina. A waje ana ta harbi jefi-jefi, wata mata na kiran sunan ɗanta, shanu na kuka ana kora su. Ni lissafina ɗaya. Abin da ya rage a gwangwani bai fi tafin hannu biyu ba, injin kuma ba ya ƙara sai da 'ya'ya a ciki. In suka ƙare, hannun injin sai ya riƙa juyawa salin-alin. Akwai 'yar ƙusa a jikinsa da ake ɗaurewa ko a sassauta. In an sassauta, gari ya fito da tsaki-tsaki, shi ne daidai na buta, kuma nan da nan a gama. Na ɗaure ta tamau, yadda garin zai fito da laushi kamar na tuwo, injin ya daɗe yana ci. Na san gahawar za ta yi kauri da ɗaci, amma ranar ba daɗi nake nema ba. Ina zuba 'ya'yan kaɗan-kaɗan, ina murɗawa a hankali, kunne ɗaya na ɗakin gawayi. Da na ji kukan ƙirjin sai in ƙara ƙarfi.

Gajeren ya fito da jakar magungunan Malam da butar lantarkin a hammata. Ya leƙa kicin, ya leƙa bayi, ya nufi ɗakin gawayi. Ya tsaya bakin ƙofa, ya soka bakin bindiga cikin buhun farko, baƙar ƙura ta tashi, ya ja da baya yana atishawa yana zagin uwar gawayin. Ƙurar nan duk kan Malam ta sauka.

Buta ta tafasa. Dogon ya ce, "Ya isa niƙan. Zuba."

Na ce, "Sai ruwan ya ɗan huce, in ba haka ba ƙonewa take."

"Ji tsohuwa da iyayi!"

Na sauke butar, na juye garin aljihun duka, na rufe. Na ce sai ta kwanta. Na zuba sauran 'ya'yan na ci gaba da niƙa, na ce na gobe ne. Ya yi dariya, ya ce wa ya faɗa mini zan ga gobe. Garin mai laushi ba ya kwanciya da wuri, na yayyafa ruwan sanyi a kai, duk da haka da na tsiyaya baƙa ƙirin ta fito, da kauri kamar kunu.

"Sha."

Na kai baki. Wayyo Allah. Kamar an jiƙa toka da maɗaci, ga zafi, ga gari na cika mini haƙora. Na haɗiye, na sake kurɓa. A ta uku maƙogwarona ya ƙi, ta dawo ta hanci.

"Ƙarya kike!" Ya miƙe ya buga mini gindin bindiga a kafaɗa, na ji wani abu ya ɓalle a ciki. Na faɗi, na rarrafa na cafko injin da hannun da ya rage, na matse da gwiwa na murɗa. Sau uku ya yi ƙara, na huɗu hannun injin ya juya fayau. Ya ƙare.

Gidan ya yi tsit, har harbin waje ya tsaya. Sai kukan ƙirjin ya taso, dogo, irin wanda rawani ba ya tarewa.

Ban yi tunani ba. Butar na gefen kurfoti, fiye da rabi a cike. Na kai ƙafa na shure su gaba ɗaya. Gahawar ta kwaro bisa ƙafata, garwashi ya watsu cikin zanena, na kurma ihu da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Ba sai na ƙirƙira ba, fatar ƙafar nan na ga ta tattare ta yi fari. Wani garwashin ya faɗa cikin takalmin dogon. Ya yi tsalle yana zagi, sannan ya hau ni da duka. Ya sa mini takalmi a baki, haƙorana biyu suka fita, ya sa mini a haƙarƙari, ya ja ni da gashi har bakin rijiya. Ni dai ban rufe baki ba. Duk numfashin da na samu ihu na yi da shi, ina salati, ina kiran uwata da ta rasu tun ina amarya. A ƙarƙashin ihun ina jin Malam na tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

Gajeren ne ya ce, "Bar ta, mahaukaciya ce. An tafi da shanun, a bar mu baya?" Ana ta tayar da babura a waje. Dogon ya ƙara mini ɗaya a ciki, ya tofa mini miyau, suka fita.

Na daɗe kwance ina sauraron baburan har suka ɓace ta arewa. Sannan na ce, "Fito."

Ya fito da rarrafe, baƙi ƙirin tun daga gemu har ƙafa, ya ciji rawanin har ya huda. Ya jawo bokiti ya dinga kwarara mini ruwan sanyi a ƙafar, yana tari yana kuka, hawayen na wanke layi biyu a fuskarsa.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Na ji duka, Hajiya. Duka na ji, ina kwance."

Na tofar da jini na ce, "Da ka fito, da na ƙone a banza."

Washegari aka sa mu a motar kaya zuwa asibitin Ƙaura, ƙafata bisa cinyarsa, kowane rami muka faɗa sai ya ce sannu. Wata biyu na yi kafin in taka ƙasa, kafaɗar kuma har yau ba ta ɗaguwa sama da kunne. Ba mu koma Zurmi ba. Muna nan Ƙaura a ɗaki biyu na ƙanensa, ni da shi.