Ranar da Kawu Ya Je Cire Auta

Kawuna kafinta ne, kuma tun da nake ban taɓa ganinsa zaune wuri ɗaya ba. Ko abinci a tsaye yake ci, fensir a kunne, ido a kan katako. Gardama kuwa, sai dai a bar masa. Kana buɗe baki zai ce, "Tsaya ka ji," ya ƙarasa maka maganar da ba ita ka ɗauko ba. Mun saba, mukan ce "to" mu wuce.

Autarsa ce ta ƙi sabawa. Tun da ta shiga ƙungiyar matasan unguwa, inda ake wasannin muhawara, ta koyi cewa, "Baba, ban yarda ba, ga dalilina." Ran Kawu ya ɓaci. Ya ajiye zarto, ya ce yau zai cire ta. Na bi shi, don ni ba na ƙin kallo.

Mun tarar da su a ɗakin taro, kan bencin da shi da kansa ya ƙera. Malamar da ke kula da su ta gaishe shi, ta saurari ƙorafinsa.

"Ikonka ne, Baba," ta ce. "Amma ka taya mu wasa ɗaya. Kafin mutum ya mayar da martani, sai ya faɗi hujjar abokinsa, har abokin ya ce haka ne."

Kawu ya duba ƙofa, ya duba agogo. "To, a yi sauri."

Auta ta miƙe. "Baba yana tsoron in saba da musu, in raina manya, a ce bai ba ni tarbiyya ba. Kuma tun rasuwar Mama shi kaɗai ake kallo."

Kawu ya cire fensir, ya mayar. "Haka ne."

"Saura kai, Baba," in ji malamar. "Me ya sa take son zama?"

"Ƙawaye mana."

"Ba haka ba ne, Baba," in ji Auta.

"To, kyautar da ake ba su."

"Ba haka ba ne."

Ya zaga benci, ya girgiza ƙafar bencin kamar gyara ya zo yi. Wallahi sai ya ba ni tausayi. Mutumin da ya san amsar kowa, ga shi bai san ta 'yarsa ba.

"To faɗa mini," ya ce.

"Nan ne kaɗai nake fara magana in kai ƙarshenta."

Bakinsa ya motsa, na ga maganar ta taso masa har wuya. Ya haɗiye ta.

"Kin gama?"

"Ban gama ba, Baba."

Kawu ya share benci da tafin hannu, ya zauna cikin yaran.

"Ci gaba," ya ce.